Takarda ɗaya ta zanukan tattalin arziki: yadda ake tsara gusawar layi da dalilanta

"Malam, ranka ya daɗe, ina so in haɗa wa 'yan ajina takarda ɗaya da za ta ƙunshi zanukan tattalin arziki, kowane layi da ma'anar gusawarsa da abin da ke jawo ta. Na gwada, takardar ta cushe, ni kaina ban iya karanta ta. Ta ina zan fara, me kuma zan bari?"

Ɗana, ajiye rula tukuna. Cushewar ta zo ne daga son zuba duk abin da ke cikin littafi a shafi guda. Takardar nan aiki ɗaya gare ta: yaro ya ji labarin kasuwa, ya dubi shafin, ya iya faɗin wane layi ne ya gusa, ya yi dama ko hagu, me ya sami farashi, me ya sami yawan kaya. Duk abin da ba ya taimaka wa wannan, ka kai shi wani shafi.

Ka ɗauki takarda A4 ka kwantar da ita. A sama ka bar fili kamar faɗin yatsu uku, sauran ka raba shi gida huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, sannan ka rage ɗan siririn wuri a gindi. Gidajen sama na buƙata ne: ɗaya ta ƙaru, ɗaya ta ragu. Na ƙasa na samarwa ne, su ma haka. A kowane gida zanen ya ci rabi, rubutu ya ci rabi. Farashi a ma'aunin tsaye, ka sa masa P, yawan kaya a ma'aunin kwance, ka sa Q, domin da waɗannan haruffa za su tarar da shi a jarrabawar WAEC da NECO.

Filin nan na sama shi ya fi komai daraja, kuma shi ne sababbin malamai suke tsallakewa. A nan za ka zana layin buƙata guda ɗaya tak, da ɗigo biyu a kansa, da kibiya daga wannan ɗigo zuwa wancan. Ka rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: idan farashin kayan kansa ne ya sauya, ana tafiya a kan layi, idan wani abu ne daban, layin ne yake gusawa. Dalilin yana cikin zanen. Farashi yana jikin ma'aunin tsaye, layin ya riga ya faɗi nawa za a saya a kowane farashi, don haka hawan farashi ba ya buƙatar sabon layi. Kuɗin shigar mai saye kuwa, ko tsadar taki, ko ruwan sama, babu su a ma'aunin tsaye ko na kwance. In sun sauya, tsohon layin ya daina faɗin gaskiya, sai an ja sabo. Yaron da ya rubuta "farashin shinkafa ya hau, saboda haka layin buƙatar shinkafa ya gusa hagu" ya rasa makin tambayar, kuma yawancin makin da ake asara a wannan babi nan yake zubewa.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka ƙirƙiri lambobi, ka yi zanen a kansu. Ga misalin da nake so ka gwada da tumatir. Lambobin na koyarwa ne, ba farashin kasuwa ba. P dubban naira ne a kan kwando, Q yawan kwanduna, D1 layin buƙata, S1 layin samarwa:

```
D1: Q = 100 - 2P
S1: Q = 20 + 2P
```

Inda layukan suka haɗu, P ya zama 20, Q ya zama 60. Wannan mahaɗa ita ce za ta zauna a wuri ɗaya a dukkan gidaje huɗun, domin ido ya riƙa kwatanta su. Yanzu a ce tsutsa ta shiga gonaki, kwando 40 ya ragu a kowane farashi. Sabon layin samarwa ya zama Q = 2P - 20. Ka haɗa shi da D1, za ka sami P 30, Q 40. Ka koma farko, ka bar samarwa yadda take, ka ce azumi ya kama, masu saye sun ƙara kwando 40 a kowane farashi. Sabon layin buƙata ya zama Q = 140 - 2P, mahaɗa ta koma P 30, Q 80.

Dubi abin da ya fito da kyau. Farashi ɗaya ne a duka biyun, 30, amma a na farko kaya sun ragu zuwa 40, a na biyu sun ƙaru zuwa 80. Ashe hawan farashi shi kaɗai ba ya gaya maka wane layi ne ya motsa, sai ka tambayi yawan kayan da aka sayar. In farashi da yawan kaya sun tafi tare, duka sun hau ko duka sun sauka, buƙata ce ta gusa. In sun raba hanya, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, samarwa ce. Saboda haka a kusurwar kowane gida ka sa P da kibiyarsa, Q da kibiyarsa, cikin ɗan akwati. Waɗannan akwatuna huɗu su ne yaro zai tuna a ɗakin jarrabawa.

Sai dalilai. Kada ka rubuta "kuɗin shiga" ko "yanayi" kawai ka wuce, domin kalma tsirara ba ta nuna wa yaro alkibla. Ka rubuta abin da alkiblarsa: kuɗin shiga ya ƙaru, farashin wani kayan da ke maye gurbinsa ya hau, jama'a sun ƙaru, ana tsammanin tsada nan gaba. Waɗannan na gidan ƙaruwar buƙata ne, kishiyoyinsu kuma na gidan da ke kusa. A gefen samarwa akwai tsadar kayan aiki, irin su taki da iri da ladan ma'aikata, sai sabuwar dabara ko inji, haraji da tallafi, yanayi da ƙwari, da yawan masu sayarwa. Huɗu ko biyar a gida sun isa. A ƙarƙashin kuɗin shiga ka sa ɗan tauraro, ka bayyana da ƙaramin rubutu cewa akwai kayan da ake komawa gare su don rashi, kamar garin kwaki a wasu gidaje, waɗanda buƙatarsu ke raguwa idan hannu ya buɗe.

Kowane gida ka ba shi misali ɗaya da yaranka suka gani ko suka ji a gida. Ƙaruwar buƙata: raguna a makon Babbar Sallah. Raguwarta: ragunan nan dai bayan an sauko daga idi, dillali yana neman mai saye. Ƙaruwar samarwa: sabuwar masara ta cika Dawanau da kaka, farashi ya faɗi, buhunan da ake sayarwa sun yawaita. Raguwar samarwa: shekarar 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke ce wa sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, kwando ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu.

Akwai tarko a gidajen samarwa da nake so ka kiyaye. Layin samarwa yana hawa ne daga hagu zuwa dama, don haka idan ya gusa dama, ido yana ganinsa kamar ya yi ƙasa. Yaro ya ji "samarwa ta ƙaru", sai ya ɗaga layin sama, alhali ɗagawar nan raguwa ce. Ka hana kanka rubuta "sama" ko "ƙasa" a shafin nan gaba ɗaya. Dama ƙari, hagu ragi, ga buƙata da samarwa duka, kibiyar gusawa kuma ta kasance a kwance. Haraji kuwa littattafai kan auna shi a tsaye, domin tazarar tsaye tsakanin layukan biyu ita ce harajin da ke kan kowane kwando. Wannan ka bar wa darasinsa.

Wajen zanen kansa, ka tuna takardar nan fotokwafi za a yi ta, ja da shuɗi duk baƙi za su fito. Tsohon layi ka ja shi cikakke da kauri, sabon ka yi shi gutsi-gutsi, ka sa musu D1 da D2, ko S1 da S2 a gidajen samarwa, a ƙarshen layi, ba a tsakiya inda suke gitta juna ba. Daga kowace mahaɗa ka sauke ɗige-ɗige zuwa ma'aunan biyu, ka rubuta P1, P2, Q1, Q2. Layi ɗaya ne zai gusa a kowane gida, ɗayan ya tsaya cak. Ka fara da fensir, ka bi da biro baƙi, sannan ka buga kwafi ɗaya ka miƙe hannu da shi. Rubutun da ba ka iya karantawa daga nan ya yi ƙanƙanta.

Siririn wurin nan na gindi, na lokacin da layukan biyu suka gusa tare ne. A 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya, an kashe kaji da yawa, samarwa ta yi hagu. Mutane kuma suka ji tsoron cin kaza, buƙata ma ta yi hagu. Yawan kajin da ake sayarwa dole ya ragu, amma zanen ba zai faɗi makomar farashi ba sai an san wace gusawa ta fi girma. Ka rubuta ƙa'idar a jimla biyu: in sun gusa gefe ɗaya, yawan kaya ya tabbata, farashi bai tabbata ba, in sun gusa saɓanin juna, farashi ya tabbata, yawan kaya bai tabbata ba. Zanen iyakar abin da ƙasa za ta iya samarwa, da na jimillar buƙata da jimillar samarwa, ka kai su bayan takardar. Ma'aunansu daban ne, in ka cusa su nan yara za su ɗauka farashin kaya ɗaya da matakin farashin ƙasa abu guda ne.

In ka gama, ka gwada ta kafin ka raba. Ka kira yara uku, ɗaya daga masu ƙoƙari, biyu daga masu rauni, ka ba su labari ɗaya: a ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, farashinsa ya tashi. Ka tambaye su kasuwa uku. Masu sayen fetur sun rage saye, wannan tafiya ce a kan layin buƙatarsu. Manomin rani a Kadawa da ke ban ruwa da injin fetur, kuɗin aikinsa ya ƙaru, layin samar da tumatir ya gusa hagu. Mai shagon da ya gaji da ciyar da janareta ya nemi sola, layin buƙatar sola ya gusa dama. In yaran sun rikice, galibi ba su san kasuwar da ake magana a kai ba ne, maganinsa kuma ka rubuta sunan kayan a saman kowane gida: kasuwar raguna, kasuwar masara, kasuwar tumatir. Ka gyara, ka sake gwadawa da wasu ukun, sannan ka kawo mini in duba kafin ka kai wa mai fotokwafi.