Na tarar da sunana a na uku a takardar binciken da na rubuta

Assalamu alaikum Goggo. Ni ɗaliba ce, na kammala digiri na biyu a fannin lafiyar dabbobi. Ni na riƙa bin garkunan shanu da damina ina ɗibar jini don neman cutar sammore, ni na duba shi a labo, na yi lissafi, na rubuta daftarin farko. Malamina ya ce mini da bakinsa sunana ne zai zo farko. Makon jiya sai ga saƙo daga wata mujallar kimiyya, wai in tabbatar ina cikin marubuta. Da na duba, mu biyar ne, ni ce ta uku. Na farko ɗalibinsa ne mai neman digirin dokta, na biyu shugaban sashenmu wanda bai taɓa leƙa aikin ba. Ban danna komai ba tukuna. Ƙawata ta ce in kai ƙara wurin editan. Ina tsoro, domin a hannun malamin nan nake sa ran ci gaba da karatu.

Ɗiyarki daga Garwa

Wa'alaikumus salam 'yata. Kin kyauta da ba ki danna ba. Ki bar saƙon nan haka na 'yan kwanaki. Idan kin amince, gobe za a ce kin ga jerin sunayen kin yarda. Idan kuma kin ƙi, edita zai san akwai rigima tun malaminki bai ji daga bakinki ba.

Ƙawarki na ƙaunarki, amma edita ba zai ba ki abin da kike nema ba. Mujallun likitanci da na lafiyar dabbobi da yawa suna bin ƙa'idojin ICMJE, kwamitin editoci da ya samo asali daga wani taro a Vancouver a 1978. Ƙa'idar ta ce jera sunaye aikin marubutan ne su kansu, kuma in sun kasa daidaitawa, jami'a ko cibiyar da aka yi aikin a cikinta ce za ta bincika. Dalilin a fili yake: edita bai je ruga tare da ke ba, bai ga wanda ya kwana a labo ba. Abin da yakan yi, bisa shawarar COPE, ƙungiyar ɗa'ar wallafa da aka kafa a 1997, shi ne ya dakatar da takardar har ku sasanta. Dakatarwar nan kan ci watanni, kuma aikinki ne zai zauna a aljihun tebur.

Matsalarki biyu ce, kuma ƙarfinki a kansu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, wa ya cancanci a kira shi marubuci. ICMJE ta gindaya sharuɗɗa huɗu, dole mutum ya cika su duka. Ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu da fassara su. Ya sa hannu a rubutun, ko ya yi masa gyara na ilimi, ba gyaran waƙafi ba. Ya amince da kwafin ƙarshe. Sannan ya yarda zai amsa tambaya in an zargi aikin. Samo kuɗi kawai, ko shugabancin sashe, ko sa hannu a takardar izini, ba sa mai da mutum marubuci, wurinsu sashen godiya ne. In har shugaban naku bai yi komai ba kamar yadda kika ce, kyautar suna aka yi masa, kuma mujallu suna ɗaukar hakan laifi. Amma ki tabbatar tukuna, don wani lokaci babba yakan gyara rubutu ko ya tsara hanyar bincike ɗalibi bai sani ba. Ni dai ba zan so ki fara faɗanki daga kansa ba. Haƙƙinki za ki fara nema.

Ta biyu, wa zai zo farko. Nan babu doka rubutacciya, al'adar fanni ce. Masu lissafi da masana tattalin arziki sukan bi jerin haruffa. A fanninku, na farko shi ne wanda ya ɗauki mafi nauyin aikin kuma ya rubuta, na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta. Shi ya sa matsayi na uku cikin biyar yake ciwo: duk wanda zai duba takardunki don gurbin karatu zai ɗauka taimakawa kawai kika yi.

Alƙawarin baki ba zai tsaya miki ba, shaida ce za ta tsaya. Ki tattaro littafinki na labo mai kwanan wata, da takardun da kika cika a ruga, da fayil ɗin lissafi, da saƙon da kika aika daftarin farko da shi, da kundin digirinki. Sai ki ɗauko kwafin da aka aika wa mujalla, ki ajiye shi gefen daftarinki, ki bi su sashe-sashe. In ba ki da kwafin, ki nema, haƙƙinki ne, domin bai kamata a aika takarda da sunanki ba ki karanta ta ba. Ki duba da gaskiya. In jadawalai da hotuna da bayanin sakamako naki ne, gyaran harshe kawai aka yi, gaba naki ne. In kuwa ɗalibin ya ƙara gwajin ƙwayoyin halitta da ba ki yi ba, ya sake lissafin, ya sake rubuta rabin takardar, to shi ma yana da hujja.

Daga nan ki zana jadawali a shafi ɗaya. Mujallu da yawa yanzu suna neman a faɗi abin da kowa ya yi ta tsarin CRediT, mai rukunai 14, irin su tsara bincike, gudanar da shi, nazarin bayanai, rubuta daftarin farko, gyara, kulawa da samo kuɗi. Ki jera su a gefe, sunayenku biyar a sama, ki cika naki, ki bar na sauran a buɗe. Ki nemi Malam shi kaɗai a ofis, ba a gaban ɗalibai ba, ba kuma ta waya ba. Ki ce: "Malam, saƙon mujalla ya iso ni. Kafin in amsa, ina roƙon mu cika wannan tare, don na ga jerin ya bambanta da yadda muka yi magana." Ba ki zarge shi ba, kin dai sa aikin a gabansa. Mai yiwuwa ya ce ɗalibin na buƙatar takarda da sunansa a gaba kafin ya kare kundinsa. Buƙata ce ta gaske, amma ba gudummawa ba ce.

In aikinku ya yi kusan daidai, akwai mafita da mujallu da yawa suka yarda da ita: a sa alama a sunayenku biyu, a rubuta a ƙasa cewa gudummawarku ɗaya ce. Ko da haka ki nemi naki ya riga, domin masu ambaton takarda sau da yawa sunan farko kawai suke kawowa.

In ya yarda, shi da ke hulɗa da mujallar zai rubuta wa edita dalilin canjin, ku biyar duka ku sa hannu, har da wanda aka mayar baya ko aka cire. Ki hanzarta a yi haka tun takardar na hannun masu tantancewa, domin mujallu da dama ba sa karɓar canjin suna bayan sun amince da takarda, bayan bugawa kuwa sai dai a fitar da sanarwar gyara.

In ya ƙi, ki aika masa gajeren saƙo cikin ladabi mai ɗauke da abin da kuka tattauna, sannan ki nemi wani dattijon malami da yake jin maganarsa. In hakan bai yi ba, ki kai takarda a rubuce ga mai kula da bincike a tsangayarku. Sai duk wannan ya gagara za ki rubuta wa edita, a layi kaɗan: ba ki amince da jerin sunayen ba, maganar tana gaban jami'a, kina roƙon a jinkirta.

Game da karatunki, tsoronki na da tushe, kuma ke kaɗai za ki auna iya inda za ki kai maganar. Amma in za ki ci gaba a hannunsa, kafin ki ɗibi jinin saniya ko ɗaya a sabon aiki, ku rubuta wanda zai yi me da yadda sunaye za su jeru, kowa ya riƙe kwafi.

Goggo