Ana iya canza ma'ajiyar cikin PS5?

Tambaya: PS5 ɗina ta cika. Zan iya cire ma'ajiyar cikinta in sa babba, kamar yadda na yi wa PS4? In ba zai yiwu ba, ina da ma'ajiya nau'in M.2 mai gudun 3,500 MB/s, zai yi?

Amsa: Malam, ta PS4 daban ce. Waccan faifai ne mai inci 2.5 da ke kan tire, ka zaro shi ka sa wani, ka sake loda manhajar na'urar daga filashi, shi ke nan. A PS5 kuwa an liƙe ma'ajiyar da dalma a jikin babban allon na'urar, ba ta cirowa. Duk wanda ya ce zai ɓamɓare maka ita ya sa babba, kada ka ba shi. Hanyar da Sony ta bari ita ce gurbin ƙara ma'ajiyar M.2 da ke ƙarƙashin murfi, wanda ya fara aiki a Satumbar 2021.

To, batun naka. Sharuɗɗa biyu ne, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko dole ne: ya zama nau'in NVMe mai mahaɗin PCIe zubi na huɗu, wato Gen4. Na biyu shawara ce: gudun karatu ya kai 5,500 MB/s, domin gudun ma'ajiyar ciki ke nan, kuma da ita masu ƙera wasanni suka yi awo. Wasan PS5 yakan ɗebo hotuna daga ma'ajiya kana tsakiyar bugawa, don haka marar sauri zai iya jawo jinkirin lodi ko ɗan tsaiko.

Wannan 3,500 ɗin ne ya sa ni shakka, don kusan nan ne iyakar Gen3. Duba takardar da ke manne a jikinsa ko kwalinsa. In Gen3 ne, na'urar za ta ƙi shi tun daga kunnawa, ta ce ka kashe ka cire. In kuma Gen4 ne mai araha, wanda gudunsa ya tsaya a nan, za ta karɓa, kuma wasanni da yawa za su tafi lafiya. Wasan da ya riƙa sarƙewa sai ka mayar da shi ma'ajiyar ciki. Ni dai da saye zan yi, ba zan sauko ƙasa da 5,500 ba.

Inda aka fi yin asara ma ba a gudu ba ne, a kauri ne. M.2 ɗin yana buƙatar ƙarfen rage zafi, amma shi da ƙarfen gaba ɗaya kada su wuce milimita 11.25 a kauri da 25 a faɗi. Masu dogon ƙarfe irin na kwamfutar tebur murfin gurbin ba ya rufuwa a kansu.

Cire wuta kafin ka buɗe. Da ka kunna za ta nemi ta goge duk abin da ke kansa, sannan ta nuna gudun da ta auna. Sau da yawa adadin yakan gaza na jikin kwali, wannan ba alamar lalacewa ba ce.