Inshorar Kwanciya Kaɗai Ko Wadda Ta Haɗa Da Ganin Likita Da Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 41, ina da hawan jini, ina shan magani kullum. Zan yi wa kaina da yarana biyu inshorar lafiya, sai aka nuna mini tsari biyu: ɗaya sai an kwantar da mutum a asibiti yake biya, ɗayan kuma har da ganin likita da gwaji da magani, amma ya fi tsada sosai. Ni ban taɓa kwanciya a asibiti ba sai wajen haihuwa. Shin ɗaukar na farkon ba zubar da kuɗi ba ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. A'a, ba zubar da kuɗi ba ne. In ma akwai wanda ya kamata ki tsananta wa bincike kafin ki sa hannu, to na biyun ne. Amma bari mu fara da iyakar da ke tsakaninsu, domin a nan ake yawan samun saɓani da kamfani.

Kamfanin inshora ba ya raba jinya da tsananin ciwo. Abin da yake dubawa shi ne: likita ya rubuta a ba ki gado ko bai rubuta ba? Za ki iya zuwa sashen gaggawa da tsakar dare, a yi miki ƙarin ruwa da allurai, ki shafe awa takwas a kan gado ana sa miki ido, da safe a ce ki tafi gida. A wurinki kin kwana a asibiti. A takardar asibiti kuwa ba a kwantar da ke ba, an dai duba ki ne, kuma tsarin kwanciya kaɗai zai iya ƙin biyan ko kwabo. Wasu yarjejeniyoyin ma sun gindaya sharaɗin cewa sai kwanciyar ta kai awa 24. Saboda haka abu na farko da za ki nema a takardar shi ne yadda suka fassara kalmar kwanciya, ba abin da mai tallar ya faɗa da baki ba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daga farko. Mace ta fara jin ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama bayan ta ci abinci mai maiƙo. Ta ga likita, aka ɗebi jini don a duba hanta, aka yi hoton ciki, aka ga tsakuwa a maɗaciya. Aka tura ta wajen likitan fiɗa, shi kuma ya ƙara gwaje-gwajen da ake yi kafin a sa wa mutum maganin barci. Duk wannan, wanda zai iya ɗaukar makonni, jeka-ka-dawo ne, kuma daga aljihunta zai fito in tsarin kwanciya kaɗai take da shi. Ranar aiki, kuɗin ɗakin tiyata da na likitan fiɗa da na mai sa barci da na gado da magungunan da aka ba ta a ciki, kamfani ne zai ɗauka, kuma wannan shi ne kaso mafi nauyi nesa ba kusa ba. Bayan sallama sai lissafi ya sake komawa kanta: komawa a duba ɗinki, da maganin da za ta saya bayan wanda aka sallame ta da shi ya ƙare.

Sai dai akwai inda wannan misalin zai iya juyawa. Irin wannan aikin yanzu ta 'yan ƙananan huda ake yawan yin sa, kuma sau da yawa ana sallamar mutum a ranar. In yarjejeniyar ba ta amince da aikin yini ɗaya ba, sai ki ga an yi wa mutum fiɗa sukutum amma kamfani ya ce ai bai kwana ba. Tsari mai kyau yakan rubuta ƙarara cewa yana biyan aikin da aka ba mutum gado aka sallame shi a ranar. Wasu kuma sukan ƙara da biyan gwaje-gwajen da suka kai ga kwanciyar da kulawar da ta biyo baya, na wasu kwanaki ƙayyadaddu, misali 30 kafin da 60 bayan sallama. In tsarin da aka nuna miki yana da waɗannan biyun, ya rage giɓin da kike tsoro sosai.

Kada kuma ki yi tunanin dabarar da wasu ke yi, ta roƙon likita ya ba su gado don kawai a yi gwaji kamfani ya biya. Kamfanoni sun san da ita. Kwanciyar da babu abin da aka yi a cikinta sai bincike, wanda za a iya yi mutum na gida, tana cikin abubuwan da ake rubutawa ba a biya, kuma sai ki tashi da kuɗin gwajin da na gadon duka a wuyanki.

Yanzu ga dalilin tsadar tsari na biyu. Kwanciya abu ne da ke samun mutane kaɗan a shekara, amma in ya zo yana iya cinye ajiyar shekaru. Shi ya sa kowa ya zuba kaɗan sai ya ishi waɗanda abin ya faɗa wa. Ganin likita da sayen magani kuwa kusan kowa zai yi, wasu sau da yawa, kuma wanda ya san an riga an biya masa ya fi saurin zuwa. Kamfani ya san zai mayar da mafi yawan wannan kuɗin, don haka sai ya karɓa tun farko, ya ɗora kuɗin ma'aikatansa da ribarsa a kai, sannan ya sa wa abin iyaka. A wannan ɓangaren, kusan kuɗinki ne kike ba su ajiya suna mayar miki da wani abu daga ciki.

Ga yadda za ki gwada da alƙalami. Alƙaluman nan na misali ne kawai, ki cire su ki sa naki. A ce tsarin kwanciya 100 ne a shekara, cikakken kuma 170. To farashin ɓangaren jeka-ka-dawo 70 ke nan. A ce iyakar abin da za su biya a wannan ɓangaren 120 ne a shekara, kuma duk zuwa ke za ki biya kashi 20 cikin 100. Sai ki tattaro rasit ɗin bara. A ce ke da yaran kun kashe 90: 40 a kan hawan jininki, 10 a kan tabarau da magungunan ƙarin jini da kika saya ba da rubutun likita ba, sauran 40 a kan zazzaɓi da tari da gwaje-gwajen yara.

Wancan 10 ɗin ki cire shi, da wuya a biya. In kamfanin ya ɗauki hawan jininki a matsayin ciwon da kika shigo da shi ya ware shi, 40 ya rage, za su biya 32. Kin ba da 70 kin karɓi 32. In kuwa sun yarda da hawan jinin, 80 ke nan, za su biya 64, kusan a tashi babu ci babu asara. Sai abin da ya cancanci biya ya haura 87 da rabi kafin ki fara cin riba, kuma ko a shekarar da ta fi muni ba za ki karɓi fiye da 120 ba, wato ribarki ba za ta wuce 50 ba. Kwatanta wannan da ɓangaren kwanciya, inda 100 ɗin da kika biya zai iya tare miki lissafin da ya ninka shi sau da yawa. Rashin kwanciyarki a baya ba hujja ba ce, musamman ga mai hawan jini, wanda shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda su ne abin da ake gudar masa.

Kin ga ke nan hukuncin naki ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, matsayin hawan jininki a yarjejeniyar. Wasu kamfanonin suna ware tsohon ciwo gaba ɗaya, wasu suna biya bayan wa'adin jira, wasu kuma suna karɓa da ƙarin kuɗi. Kuma warewar ba a maganin kullum take tsayawa ba. Tana iya shafar kwanciyar da hawan jinin ya jawo, a tsarin biyu duka, wanda ya fi komai hatsari a gare ki. Ki faɗa musu gaskiya a fom, har sunan maganin da kike sha. Ɓoyewa ba ta da amfani, domin ranar da babban lissafi ya zo za su nemi tsohon fayil ɗinki, kuma suna iya soke yarjejeniyar baki ɗaya. In sun yarda za su biya maganin, ki duba ko naki yana cikin jerin magungunan da suka amince da su.

Akwai jinyar da ba ta buƙatar gado amma ta fi kwanciya da yawa cin kuɗi: wankin ƙoda da ake yi sau biyu ko uku a mako, maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya, gasa ciwon daji da hasken na'ura, da manyan hotunan na'ura irin na ƙwaƙwalwa da ƙashin baya. Tsarin kwanciya mai inganci yakan shigar da su duk da mutum yana komawa gida. Maras inganci yakan bar su waje. Abin takaici, wani cikakken tsarin ma yakan jefa su ƙarƙashin ƙaramar iyakar jeka-ka-dawo, wadda za ta ƙare cikin ɗan lokaci. Ni na fi damuwa da wannan sashe na yarjejeniyar fiye da kuɗin ganin likita, kuma shi ne mutane ba sa karantawa.

Abu biyu ne za su iya sa in ce ki ɗauki cikakken ko da lissafi bai ba shi nasara sosai ba. Na farko, in kin san kanki, wato in kuɗi ya yi ƙaranci za ki tsallake maganin wata guda ko ki ɗage gwajin ƙoda, to biyan kuɗin tun farkon shekara kariya ce ta gaske. Na biyu, komawa babban tsari daga baya ba kamar sauya riga ba ne. Sau da yawa za a sake tantance lafiyarki, kuma duk ciwon da aka gano a tsakani zai zama tsohon ciwo a sabon ɓangaren. Shekarun yaran ma suna da tasiri, domin 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi yawan zuwa asibiti. Wasu kamfanonin suna barin kowa a gida ya kasance a tsarinsa daban, ki tambaya.

In ni ce a matsayinki, zan nemi amsa a rubuce kan hawan jinin, da aikin yini ɗaya, da sashen gaggawa, da wankin ƙoda da ciwon daji. In an ware hawan jinin amma sauran suna cikin tsarin kwanciya, zan ɗauke shi, in riƙa ajiye bambancin kuɗin nan wata-wata a asusu na daban don magani da gwaji. In kuma cikakken ya karɓi hawan jinin har da maganinsa, kuma iyakarsa ta kai aƙalla ninki biyu na ƙarin da zan biya, shi zan ɗauka.