Jan da ke cikin hoton bambanci: karanta shi kafin ka taɓa ma'auni

Maigida, barka da aiki. Na ɗauki hoton shafin biyan kuɗi da Playwright, manhajar gwada shafukan yanar gizo, a kwamfutata, na ajiye shi a matsayin hoton asali da za a riƙa kwatanta sababbin hotuna da shi. Da gwajin ya gudana a sabar sai ya faɗi, wai ɗigo sama da dubu uku sun bambanta. Na jera hotunan biyu, na zuba musu ido, wallahi ban ga komai ba. In sa `maxDiffPixelRatio` ya zama 0.01 mu huta?

Yarona, kada ka sa shi tukuna. Zo mu yi lissafi, ka ga abin da wannan lamba take haɗiyewa.

Hotonka faɗinsa 1280 ne, tsayinsa 720. Ka ninka, za ka sami ɗigo 921,600, su ne fiksel ɗin da injin yake bi ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ɗigo 9,216 ke nan. To auna maɓallin “Biya” da ke shafinka. A ce faɗinsa 120, tsayinsa 40, ɗigo 4,800 ya tashi, ko rabin kashi ɗaya da ɗan ɗoriya. Ka ga ke nan in ka buɗe ƙofa har 0.01, maɓallin nan zai iya ɓacewa ɗungurungum, gwajin ya ce lafiya lau, mai saye ya zo ya rasa inda zai danna. Shi ya sa nake tsoron wannan lamba fiye da jan da ya tayar maka da hankali.

Yadda injin yake aiki ba wani sirri ba ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobin ja, kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Sai ya ɗauki ɗigon da ke wani matsayi a hoton asali, ya ɗauki takwaransa a sabon hoto, ya auna tazarar launinsu. In tazarar ta wuce `threshold`, ya ƙirga shi cikin waɗanda suka bambanta, ya shafa masa ja a hoto na uku. Saura kuma ya dusashe su su zama fari-fari, don jan ya fito sarai. Ma'auni biyu ne a nan, kuma yara da yawa suna cakuɗa su. `threshold` yana magana ne a kan ɗigo guda, nawa launinsa zai kauce kafin a ce ya canza. `maxDiffPixels` da `maxDiffPixelRatio` kuwa suna magana a kan yawan ɗigon da za a yafe gaba ɗaya. A Playwright `threshold` yana zuwa da 0.2, kuma wannan ma yana da sassauci fiye da yadda ake zato. Bangon shafi zai iya sauka daga fari tas, wato 255, zuwa toka-toka mai 230, ba a ga ja ko ɗaya ba. In launi ne abin da kake gadi, sai ka rage shi.

Yanzu bar jera hotuna biyu kana ƙura musu ido, idon mutum ba ya kama irin wannan. Shiga `test-results`, ka buɗe fayil ɗin da sunansa ya ƙare da `-diff.png`, ka faɗaɗa shi sosai. Adadin jan ba ya gaya maka komai sai ka ga siffarsa da inda ya zauna.

In ka tarar da shi siriri, yana bin gefen haruffa ko'ina a shafin kamar an yayyafa barkono, to zanen rubutu ne ya bambanta. Harafi yana da lanƙwasa, ɗigo kuwa murabba'i ne, don haka kwamfuta takan cike gefen harafin da toka-toka don ya yi santsi a ido. Windows da macOS da Linux kowanne da yadda yake wannan cikon. Injin kwatancen yana ƙoƙarin gane irin waɗannan ɗigon, ya yi musu rawaya, ba ya ƙirga su, amma ba ya kama su duka. Wannan nake fi zargi a matsalarka. Playwright da kansa ya san da haka, shi ya sa yake liƙa sunan burauza da na tsarin kwamfuta a jikin hoton asali, kamar `-chromium-linux.png`. In ka sake wa hoton kwamfutarka suna don sabar ta karɓa, ko kuma duka biyun Linux ne amma salon rubutun da ke cikinsu ba ɗaya ba, ga sakamakon nan ka gani. Maganinsa shi ne a ɗauki hoton asali a wurin da gwajin zai riƙa gudana. Ka yi amfani da Docker, manhajar da ke killace gwajin cikin tsarin kwamfuta guda, iri ɗaya a kwamfutarka da sabar, burauza ɗaya, girman allo ɗaya.

Tunda shafinka da Hausa yake, ga wani abu da ya kamata ka duba da kyau. Ka lura ko jan ya taru a kan ƙ, ɗ da ɓ, ko a kan alamar ₦. Salon rubutu da yawa ba su da haruffanmu masu ƙugiya. In burauza ta nemi ƙ a salon da ka zaɓa ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon da ta samu a cikin kwamfutar, kuma abin da za ta samu a taka daban, a sabar daban. Harafin aron in ya fi faɗi da ɗigo ɗaya, duk kalmomin da ke bayansa a layin sai su matsa, layin ya yi ja tun daga ƙ ɗin har ƙarshe, alhali farkonsa tsaf. Wannan ba hayaniyar banza ba ce, gwajin ne ya nuna maka aibi na gaske, domin haka masu karatu suke ganin ƙ ɗin ya fita daban da 'yan'uwansa a wayoyinsu. Ka ɗora wa shafin salon da ke da haruffan duka, ya riƙa zuwa tare da shafin.

In kuwa komai daga wani wuri zuwa ƙasa ya yi ja, kana ganin rubutu biyu-biyu, wani abu ne a sama ya ƙara tsayi ya ture sauran. Nemi inda jan ya fara, laifin yana daidai saman wurin. Ja mai dunƙule a wuri guda kuma yawanci agogo ne, ko kwanan wata, ko talla mai sauyawa. Irin waɗannan rufe su ake yi:

```js
await expect(page).toHaveScreenshot({
  mask: [page.locator('.agogo')],
  maxDiffPixels: 50,
});
await expect(page.locator('#biya')).toHaveScreenshot();
```

`mask` zai lulluɓe agogon da akwati mai launi ɗaya a kowane ɗauka, ya daina damun ka. Layin ƙarshe kuma yana ɗaukar maɓallin biya shi kaɗai ba tare da yafe ko ɗigo ɗaya ba, don kada girman shafin ya ɓoye ɓarnarsa. Na fi son ka ba da rangwame da adadin ɗigo maimakon kaso, saboda kaso yana girma da girman hoto ba ka sani ba. Hotunan kuma su zauna a PNG. JPEG yana taɓa launuka wajen matse hoto, zai haifar maka da bambancin da babu shi a shafin.

Sai maganar `--update-snapshots`. Wannan umarni yana maye tsohon hoton asali da sabo, duk abin da ke cikin sabon ya zama shi ne daidai daga ranar, har da ɓarna in akwai. Kada ka buga shi sai ka buɗe hoton bambancin, ka iya faɗin dalilin kowane jan da ke ciki. Idan ka gama gyaran Docker da salon rubutun, sake ɗaukar hoton asali a can, ka gudanar da gwajin sau biyu a jere ba tare da ka canza komai ba. Ya kamata bambancin ya zama sifili. In bai zama ba, akwai abin da ke motsi a shafin, ka turo mini `-diff.png` ɗin mu duba tare.