Daɗin heroyin da ciwon rashinta

"Me ya sa heroyin da kodin suke sa mutum jin daɗi, amma da ya daina sai ya kwanta kamar mai mura?"

Ƙwaƙwalwa tana da makarɓan da ake kira miyu, wato wuraren da sinadarin endofin mai rage zafi yake mannewa. Heroyin, haka ma kodin, tana komawa mofin a jiki, ta manne musu, ta danne jijiyoyin da ke taka wa dofamin, sinadarin jin daɗi, birki, sai daɗi ya kwararo.

Tana kuma danne noradirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, jiki kuwa ya ƙara ƙoƙarin samar da shi don ya rama. Da an daina, sai ya ɓalle: hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa. Ciwon yana farawa bayan awa 6 zuwa 12, ya tsananta a kwana na 2 ko 3. Zazzaɓin nan wahala ce ta gaske, ba raki ba.