Oga na so ya riƙa ganin fasuwod ɗin mutane

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gina wa wata ƙungiyar susu a Nima manhaja da PHP. Na kulle fasuwod ɗin mambobi da AES, makullin yana cikin `.env`. Oga ya ce a bar shi haka, don in mutum ya manta sai a duba a faɗa masa. Akwai matsala?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wallahi na ji maka, duk mai yi wa ƙungiyoyin Zango aiki ya san wannan matsin. Amma matsala akwai ta, kuma abin da oga yake so shi ne matsalar.

Inkirifshan an yi shi ne don a sake buɗewa. Makullinka yana kan saba ɗaya da databes, don haka ɓarawon da ya shiga sabar zai kwashe su tare, ya buɗe na kowa cikin daƙiƙoƙi, har na wanda ya zaɓi doguwar fasuwod mai wuya. Hash kuwa, wato tambarin da ake lissafowa daga fasuwod a ajiye a madadinta, ba shi da hanyar dawowa, kamar geron da aka daka ya zama fura. Kai ma ba ka bukatar dawowar. In mamba ya zo shiga, ka sake lissafa hash ɗin abin da ya rubuta, ka gwada da wanda ka ajiye, shi ke nan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cewa "ai an kulle". Adobe ma sun kulle. A 2013 aka sace musu bayanan asusu kusan miliyan 150, fasuwod ɗin a kulle da 3DES a tsarin ECB, makulli ɗaya ga kowa. Ɓarayin ba su ma bukaci makullin ba. Duk mutanen da fasuwod ɗinsu ɗaya, abin da aka ajiye musu iri ɗaya ne sak, ga kuma 'yar kalmar tunatarwa da kowa ya rubuta a gefe, a fili. Sai a tara tunatarwar mutum ɗari masu fasuwod ɗaya a karanta, amsa ta fito da kanta. Ka tuna da Hajiya mai sayar da atamfa a Makola, wadda fasuwod ɗinta na susu shi ne na imel ɗinta da na Facebook. Ita za a cuta, ba oga ba.

Kada kuma ka gudu ka sa MD5 ko SHA-256 ka ce ka gama. Waɗannan ma hash ne, amma sauri gare su, saurin kuma ɓarawo yake yi wa amfani. Fasuwod mai ƙananan haruffa 8 tana da zaɓi kusan biliyan 209. Katin girafik ɗaya mai ƙarfi yana gwada biliyoyin SHA-256 a daƙiƙa, kafin ka sha shayi ya gama. Da bcrypt, hash ɗin da aka gina da gangan don ya ci lokaci, a matakin wahala na 12, katin nan dubu ɗaya da wani abu kawai zai gwada a daƙiƙa, aikin ya koma na shekaru, kuma na mutum ɗaya ke nan, domin bcrypt yana sa wa kowane asusu nasa gishirin daban, wato bazuwar haruffan da ake haɗawa da fasuwod kafin a yi hash.

```php
$h = password_hash($pw, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
$ok = password_verify($pw, $h);
```

Gishirin yana cikin `$h`, kada ka ƙirƙiro naka. Shi ya sa ma in ka yi hash ɗin fasuwod ɗaya sau biyu za ka ga sakamako biyu daban, wanda ya gwada su da `==` kuwa ba mai iya shiga. Ga wani ramin: sakamakon haruffa 60 ne. In kolum ɗinka `VARCHAR(50)` ne, MySQL da ba a tsaurara ba zai yanke wutsiyar shiru, gobe kowa ya ce fasuwod ɗinsa ya ƙi. Sa `VARCHAR(255)`. Bcrypt kuma bait 72 na farko kawai yake karantawa. In sabarka tana da `PASSWORD_ARGON2ID`, ni shi na fi so, don yana cinye memori, abin da ke wahalar da katin girafik.

Kai sa'arka ɗaya, tunda abinka yana buɗuwa, sauyin na dare ɗaya ne. Ka buɗe kowace fasuwod, ka yi mata hash a sabon kolum, ka gwada shiga da asusu kaɗan, sannan ka goge tsohon kolum da makullin. Tsofaffin bakof fa? Nan ake mantawa. Suna ɗauke da tsohon kolum, kuma in `.env` ya taɓa shiga Git, makullin yana nan a tarihi.

Af, in PIN ne mai lamba 4 irin na MoMo, zaɓi 10,000 ne kacal, bcrypt ba zai cece shi ba in an sace teburin databes. Dole ka rufe asusu bayan kuskure kaɗan, ka haɗa da wani sirri da ba ya zama a databes.

Shi kuma oga, ka ce masa mai mantuwa za a tura masa lambar wucin gadi ta tes, mai mutuwa bayan minti goma, mai amfani sau ɗaya, ya sa sabuwar fasuwod da hannunsa. Ka nuna masa cewa ranar da kuɗin wani ya ɓace, duk wanda ke iya ganin fasuwod a ofis shi za a fara tuhuma, shi ogan a gaba. AES ɗin ka bar shi ga lambar Ghana Card, wadda dole wata rana a sake karanta ta.