Ma'aikaci ya kawo ƙarar ogansa

"Kawu, wani yaro a sito ya kawo min ƙarar ogansa wai yana yanke masa kuɗin obataim, kuma ya roƙe ni kar ogan ya san shi ne. Ni dai na ga al'adarmu a kira su biyun a sasanta, ko ba haka ake yi ba?"

Ɗana, kar ka haɗa su tukuna. Sulhun da muka gada na zaure yana aiki ne saboda mai unguwa ko dattijon gida ya fi su biyun ƙarfi, kuma in an tashi kowa gidansa zai tafi. A ofis kuwa gobe da safe yaron nan gaban ogan zai koma, shi ke rubuta masa diyuti, shi ke sa hannu a takardar hutunsa, to in ka zaunar da su wuri ɗaya wallahi yaron cewa zai yi ba komai ya yafe, kai ka ɗauka ka gyara alhali ka miƙa shi ne.

Abu na farko, kar ka ce masa "ba wanda zai ji". Alkawari ne da ba za ka iya cikawa ba. Ka ce masa: maganarka ba za ta wuce ni da manaja ba, in har ta kai sai an faɗi sunanka, kai zan fara faɗa wa kafin kowa. Sannan ka rubuta abin da ya faɗa da kwanan wata, ka karanta masa ya sa hannu, ka sa a fayil na daban cikin durowa mai makulli, ba fayil ɗinsa na aiki ba, don ogan na iya aikowa a kawo masa fayil ɗin aikin kowane lokaci. Kuma kar ka ba masinja ya kai, kar ka tura a WhatsApp ɗin ofis, da hannunka za ka kai.

Bari in ba ka nawa kuskuren, har yau yana damuna. Lokacin ina admin a wani kamfani, irin wannan ƙarar ta zo min, na cire sunan mai ƙarar tsaf na ɗauka na yi dabara, na kira ogan na ce an ce ranar Asabar da aka sauke tirela har ƙarfe 9 na dare ba ka rubuta awa huɗu ba. Sai ya yi shiru yana kaɗa biro a tebur. Ashe mutum ɗaya ne ya tsaya ranar. Kafin sati biyu an mayar da yaron diyutin dare, kafin wata uku ya ajiye aiki. Ka ga ba suna kaɗai ke tona mutum ba, rana da wuri da kalmar da aka faɗa duk suna ne.

Yadda ya kamata in yi, kuma shi nake so ka yi: tunda maganar kuɗi ce, takarda za ta yi magana a madadin yaron. Ka nemi rajistar zuwa aiki ta sito gaba ɗaya ta wata uku, ka haɗa da ta wani sashen don kar a ga sito kaɗai ka nufa, ka karɓo littafin maigadi na bakin get, ka jera su da takardar albashi. In littafin get ya nuna mutum ya fita ƙarfe 9 rajista kuma ta ce 5, awa huɗu sun ɓata, kuma sau da yawa za ka tarar ba shi kaɗai ake yi wa ba. A nan sai ka tambayi ogan a kan rajista, ba a kan ƙara ba.

Amma wannan dabarar tana da iyaka. In zagi ne ko cin zarafi ko neman mace ma'aikaciya, ba rajistar da za ta nuna, kuma ba a ba mutum takardar tuhuma ba tare da an faɗa masa me ya yi, yaushe, ga wa ba. Shi ma ogan yana da haƙƙin ya kare kansa, in aka hukunta shi ba a ji ta bakinsa ba yana iya kai ku kotun ma'aikata. To a irin wannan sai ka koma wa mai ƙarar ka faɗa masa gaskiya cewa sai an faɗi sunansa, ka cire hutunsa da diyutinsa daga hannun ogan har a gama bincike, a kuma ja kunnen ogan a rubuce kan ramuwa.

In ogan abokinka ne ko ɗan garinku, ka miƙa wa manaja kawai ka cire hannunka.

Bayan an gama kar ka rufe fayil. Duk bayan sati biyu ka leƙa rostan diyuti har wata uku, in ka ga an canza masa shif ko takardun tuhuma sun fara sauka a kansa, ka kai wa manaja a ranar. Ka gaida mamanka.